Nazarin Lamari: Yadda Aka Ƙi Tayin Faɗaɗa Cinikin Riɗi a Dawanau Ba Tare da Rufe Ƙofar Magana Ba

Lamarin da za a nazarta a nan ya faru ne tsakanin mutum biyu da ke cinikin riɗi tare a kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina a Kano, daga watan Satumban 2024 zuwa Afrilun 2025. An sakaya sunayensu, kuma an dunƙule alƙaluman zuwa cikakkun lambobi domin lissafin ya yi sauƙin bi. Babban cikinsu dattijo ne da ya haura shekara sittin, aminin marigayi mahaifin ƙaramin, don haka ƙaramin ba ya kiransa da komai sai Baba Alhaji, shi kuma yana ce masa ɗana. Jarinsu naira miliyan 60 ne, Alhaji yana da miliyan 36, ƙaramin yana da miliyan 24, kuma a kan wannan rabo suke raba riba bayan an cire albashin ƙaramin, wanda shi ne ke tsaye a kan harkar kullum. Sun yi rajistar sunan kasuwancin a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa a matsayin haɗin gwiwar mutum biyu, kuma asusunsu na banki ba ya fitar da kuɗi sai da sa hannunsu duka.

Aikinsu shi ne su sayo riɗi daga kasuwannin Jigawa irin su Maigatari da Gumel, su kai wa masu injin gyara a fitar da ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi, sannan su sayar wa wakilan kamfanonin da ke loda shi zuwa Legas a fita da shi ƙasashen waje. A kakar da ta gabata jarin nasu yana sayen kimanin tan 40 a zubi ɗaya, sun juya shi sau shida, wato tan 240, kuma abin da ya rage musu a kowane tan bayan duk ɗawainiya ya kai naira dubu 60. Ribar shekarar ta ɗan haura miliyan 14.

Tayin da Alhaji ya kawo

A farkon Satumba, saura 'yan makonni sabon riɗi ya fara shigowa, Alhaji ya zo da shawarar cewa lokaci ya yi da za su daina kai kayansu injin wasu. Wani dillali ya nuna masa babban sito da mai shi ke neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, miliyan 15, kuma akwai injin gyaran riɗi da janaretansa a kan miliyan 30. Tsarin da ya kawo shi ne a ciri kuɗin haya daga jari, injin kuma a karɓe shi ta hanyar murabaha a wani bankin Musulunci, inda bankin zai saya ya sayar musu a kan miliyan 42, su biya cikin wata 24, wato miliyan ɗaya da dubu 750 kowane wata. Bankin yana buƙatar jingina, Alhaji ya ce zai ajiye takardar wani filinsa, ya kuma nemi ƙaramin ya ajiye takardar gidan da yake zaune da iyalinsa. Mai siton ya ba da mako biyu kacal a kawo kafin alƙalami.

Ya kamata a yi wa Alhaji adalci, domin tayin nasa ba na son zuciya ba ne, kuma wanda bai fahimci ƙarfin hujjar abokinsa ba ba zai iya ƙin tayinsa ta hanyar da za ta bar magana a buɗe ba. A tsakiyar kaka layin masu jiran inji yana iya cinye kwana huɗu zuwa biyar, kuma kowace rana da kaya suka kwana a layi rana ce da jari bai juya ba. Wani wakilin masu fitar da kaya ya yi masa alkawari da baki cewa idan suna da injinsu zai riƙa karɓar tirela biyu a mako. Sannan Alhaji ya ga abin da ya faru tun watan Yunin 2023, lokacin da aka saki farashin naira: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma duk wanda ya sayi inji kafin wannan lokaci ya tsinci dami a kala. Fargabarsa ita ce idan suka ƙara jinkiri, injin da ake faɗin miliyan 30 yau zai fi ƙarfinsu gaba ɗaya.

Amsar farko

Abin da ƙaramin ya yi a zaman farko shi ne, a ganina, ya ceci duk abin da ya biyo baya. A al'adarmu yaro ba ya ce wa babba a'a kai tsaye, kuma mafita mafi sauƙi ita ce ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya sa alheri, ko ya ce bari a gani. Matsalar ita ce dattijon da ya riga ya ƙulla abu a ransa yana jin irin wannan amsa a matsayin amincewa, sai ya tashi ya ba dillali kafin alƙalami daga aljihunsa, ya gaya wa abokansa a majalisa cewa sun kama sito. Daga nan duk wata a'a da za ta zo ta zama kunyata shi a bainar jama'a da kuma jawo masa asara, kuma irin wannan ita ce ke raba abokan ciniki har da zumunci.

Shi kuwa ya saurara har Alhaji ya gama, ya yi tambayoyi a kan ƙarfin injin da sunan bankin da abin da wakilin ya faɗa, sannan ya ce: "Baba Alhaji, wannan magana babba ce, kuma ba zan so in amsa ta da ka ba. Ka ba ni zuwa Juma'a bayan la'asar in duba littafi, zan zo gida da amsa cikakkiya. Alfarma ɗaya nake nema, kada a ba dillali ko sisi kafin mu zauna, domin ban riga na amince ba." Akwai abu biyu a cikin wannan amsa da suka bambanta ta da bari a gani. Ta ƙayyade rana, ranar kuma tana cikin wa'adin mako biyun da mai sito ya bayar, don haka Alhaji ba zai ce an ja masa rai har dama ta wuce ba. Sannan ta faɗi a sarari cewa ba a amince ba tukuna, wanda ya hana a ɗauki shirunsa a matsayin yarda.

Lissafin da ya yi

Kwanakin da ya nema ya yi amfani da su wajen neman lamba ɗaya tak: tan nawa ne dole ya bi ta cikin injin a shekara kafin injin ya biya bashin kansa. Ya je wurin mai injin da suke kai wa kaya, wanda ke karɓar naira dubu 20 a kan kowane tan, ya tambaye shi nawa ke tafiya a man gas da lebura da gyaran rariya da bel, ya gano cewa abin da ke ragewa bai wuce dubu 12 ba. Biyan banki na shekara guda miliyan 21 ne. Idan aka raba miliyan 21 da dubu 12, sai a ga ana buƙatar tan 1,750 a shekara, kuma wannan ba a sa hayar siton a ciki ba.

Daga nan ya duba nasu kayan. Idan aka ciri miliyan 15 daga jari aka biya haya, abin da zai rage na saye miliyan 45 ne, wanda zai sayi tan 30 a zubi maimakon 40, wato tan 180 a kaka idan aka juya sau shida kamar bara. Ma'ana faɗaɗawar za ta fara ne da rage ainihin cinikin da ke kawo musu riba, sannan kusan tan 1,570 na abin da injin ke buƙata dole ya fito daga kayan wasu 'yan kasuwa da babu wanda ya tambaye su ko za su bar masu injin da suka saba da su. Ga kuma matsalar lokaci, domin riɗi cinikin kaka ne da ke da ƙarfi daga Oktoba zuwa wajen Fabrairu, amma banki wata goma sha biyu yake karɓar kuɗinsa, har da watannin damina da siton zai zauna kusan fayau. Ribarsu ta bara gaba ɗaya ba ta kai biyan bankin na shekara guda ba.

Ya kuma kira wakilin da ya yi alkawarin tirela biyu a mako, ya tambaye shi cikin ladabi ko kamfaninsu zai iya ba da takardar oda da ke nuna yawan kaya da ranar biya. Wakilin ya ce su ba sa rubuta irin wannan kafin su ga farashin kaka. Wannan ba ya nufin mutumin maƙaryaci ne, amma yana nufin alkawarinsa ba abin da za a ajiye takardar gida a kansa ba ne. Tsadar kuɗin bankin ma ba laifin bankin ba ce, domin a watan Yulin 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 26.75 cikin ɗari, kuma ko da yake bankin Musulunci ba ya karɓar ruwa, ribar da yake ɗorawa a kan kaya tana bin tsadar kuɗi a ƙasa.

Akwai wani dalili da bai shiga littafi ba amma ya fi kowanne nauyi a zuciyarsa. A irin rajistar da suka yi, bashin kasuwanci bashin kowannensu ne har cikin dukiyarsa ta kansa, kuma a fiƙihu ma asarar tarayya tana bin gwargwadon jarin kowa. Idan abin ya karye, Alhaji zai rasa fili ɗaya daga cikin filayensa, shi kuwa zai rasa inda 'ya'yansa ke kwana. Rabon asarar a takarda kashi 60 da 40 ne, amma raɗaɗinta ba a kan wannan ma'auni zai sauka ba.

Zaman Juma'a

Ƙaramin ya zaɓi ya sami Alhaji a gida, a falonsa, babu yaran shago kuma babu dillali. Wannan zaɓi yana da muhimmanci, domin dattijo yana iya sauya ra'ayi idan su biyu ne, amma a gaban yaransa sai ya kare matsayinsa ko da ya ga gaskiya. Bayan gaisuwa ya fara da abin da ya yarda da shi, kuma ya faɗe shi da gaske: cewa layin inji yana cutar da su, cewa bara sun rasa wani ciniki saboda kayansu ba su fito a kan lokaci ba, kuma cewa mallakar inji ita ce inda ya kamata harkarsu ta dosa. Sannan ya buɗe littafi ya ajiye a gaban Alhaji, ya bi da shi lissafin layi bayan layi, yana tsayawa yana tambaya ko akwai inda ya yi kuskure. Alhaji ya ce dubu 12 ta yi kaɗan, a sa 15. Suka sa 15 tare, lambar ta sauko zuwa tan 1,400, wanda har yanzu ya ninka kayansu kusan sau takwas.

A nan ne ya faɗi a'ar, kuma bai lulluɓe ta ba. Ya ce: "Baba Alhaji, a wannan kakar, da wannan bashin, da takardar gidana a banki, ba zan iya sa hannu ba. Ina faɗa maka yau ne domin kada ka jira ni har mai sito ya ga kamar muna yi masa wasa. Amma maganar inji ban rufe ta ba, kuma na zo da abin da nake ganin za mu iya yi a bana domin mu san gaskiyarta."

Abin lura a nan shi ne ya rarraba tayin gida uku, ya ba kowanne amsarsa daban. Akwai manufa, wato su mallaki inji, wadda ya amince da ita. Akwai girma da lokaci, wato babban sito da sabon inji a cikin mako biyu, wanda ya ce a jinkirta. Akwai kuma hanyar kuɗi, wato bashi da jinginar gida, wadda ya ƙi ƙwarai. Yawancin masu ƙin tayi suna ɗaukarsa dunƙule guda, su karɓa duka ko su watsar duka, alhali wanda ya kawo shi sau da yawa manufar ce ta dame shi, sauran kuwa abin da dillali da ma'aikacin banki suka tsara masa ne. Haka kuma bai ɗora laifin a kan kowa ba. Bai ce matarsa ce ta hana ba, bai ce ba shi da lafiyar aljihu ba, domin uzurin ƙarya yana gayyatar a warware shi, kuma da ya ce kuɗi ne matsalar da Alhaji ya ce zai ranta masa, sai ya rasa ta cewa.

Abin da ya ajiye a madadin tayin

A'ar da ba ta zo da komai a hannu ba, ko da an yi ta da lafazi mai daɗi, rufe ƙofa ce. Abin da ya kawo shi ne gwaji mai iyaka. Mai injin da suke hulɗa da shi ba ya aiki da dare saboda ba shi da wanda zai tsaya masa, kuma ya yarda ya ba su hayar daren na wata uku, Nuwamba zuwa Janairu, a kan naira miliyan ɗaya kowane wata, su kawo man gas da leburansu, kuma suna da damar karɓar kayan wasu. Da wannan za su kuɓuta daga layi a bana, wanda shi ne ainihin ciwon Alhaji, kuma za su rubuta kowane tan da ya shiga da sunan mai shi, ta yadda a ƙarshen kaka za su san ko tan dubu da ɗoriyar da ake buƙata yana nan a kasuwa ko babu shi. Mafi munin abin da zai faru shi ne su yi asarar miliyan uku, abin da ribar shekara za ta iya shanyewa.

Sannan ya faɗi sharuɗɗan da idan sun cika zai dawo kan maganar da niyyar amincewa, kuma ya sa su zama abin da ake iya aunawa. Na farko, littafin gwajin ya nuna kayan da za su iya ɗaukar nauyin biyan banki. Na biyu, a samu takardar oda daga aƙalla kamfani ɗaya. Na uku, kada kuɗin haya ya fito daga jarin saye, a maimakon haka su riƙa ware kashi ɗaya cikin uku na ribar bana a wani asusu na daban domin wannan buri. Game da gidansa kuwa ya faɗi gaskiya cewa wannan ba sharaɗi ba ne da zai sauya, ko gwajin ya yi kyau ko bai yi ba, domin bai so Alhaji ya yi wata shida yana zaton abin da ba zai samu ba. Suka tsayar da ranar sake zama, mako guda bayan ƙaramar Sallah, lokacin da kaka ta wuce kuma an rufe lissafi.

Akwai magana guda mai wuyar faɗa da ya ga dole ya taɓo. Alhaji yana da dukiyar da zai iya kama siton shi kaɗai ko da wani, kuma babu wanda ke da ikon hana shi. Ƙaramin ya ce idan Alhaji ya ga zai yi da kuɗinsa, shi ba zai riƙe shi a zuciya ba, zai ma kawo kayan tarayyarsu injin a farashin kasuwa, abin da kawai yake roƙo shi ne kada a yi da sunan kasuwancinsu ko a taɓa jarinsa. Wasu za su ga wannan ganganci ne, kamar nuna wa mutum hanyar fita. Ni ina ganin akasin haka, domin abokin da ya ji an ɗaure shi yakan fara neman rabuwa a ɓoye, wanda kuwa aka sakar masa mara ba shi da dalilin ɓoye komai, kuma duk abin da zai yi sai ya fara zuwa ya faɗa.

Inda abin ya so ya lalace

Alhaji bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce yaran yanzu tsoro ya yi musu yawa, kuma da shi da mahaifinsa sun tsaya irin wannan lissafi da ba su kai inda suka kai ba. Ƙaramin bai mayar da martani ba, ya ce Allah ya ƙara girma, ya tashi. Washegari sai ya yi abin da ya kusa ɓata aikin duka: ya rubuta duk abin da suka tattauna, da lambobi ɗaya, biyu, uku, ya tura wa Alhaji ta WhatsApp, ya nemi ya amsa cewa haka aka yi. Niyyarsa kyakkyawa ce, domin maganar da ba a rubuta ba kowa yakan tuna ta yadda ta yi masa daɗi. Amma dattijon da aka ƙi tayinsa jiya, yau kuma ɗan amininsa ya aiko masa da rubutu yana neman shaida, abin da ya karanta a ciki shi ne rashin yarda. Bai amsa ba, kuma kusan mako biyu duk saƙonsa ta bakin babban ɗansa yake zuwa. A cikin waɗannan kwanaki wani ya kama siton, kuma magana ta fara yawo a layinsu cewa ƙaramin yana shirin ware jarinsa.

A irin wannan yanayi ana iya gane ko ƙofa tana buɗe ta hanyar duban aiki, ba fuska ba. Alhaji ya ci gaba da sa hannu a takardun fitar da kuɗin saye ba tare da jinkiri ba, bai nemi a kawo masa littafi a yi lissafin rabuwa ba, kuma bai je ya nemi wani abokin tarayya ba. Fushi ne na wanda aka taɓa girmansa, ba shirin tafiya ba. Da ya fara riƙe sa hannu, ko ya aiko akawu daga waje ya ƙirga buhunan da ke sito, da wannan alama ce ta daban da ke buƙatar a zauna a yi maganar rabuwa cikin mutunci tun kafin ta zama rigima.

Ƙaramin bai ƙara tura saƙo ba, bai kuma janye matsayinsa don a shirya ba, wanda shi ne jarrabawar da mutane da yawa ke faɗuwa a kanta, su amince da abin da suka san ba daidai ba ne don kawai fuskar babba ta saki. Ya je wurin wani dattijo a kasuwar da su biyun ke girmamawa, ya bayyana masa cewa ba ya neman a yi masa shari'a a kan wa ke da gaskiya, yana so ne a raka shi ya ba da haƙuri a kan yadda ya aika rubutun. A wannan zama ya ba da haƙuri a kan salon, bai ba da haƙuri a kan a'ar ba. Dattijon ne ya kawo shawarar cewa a rubuta yarjejeniyar gwajin a cikin littafin kasuwancin da hannun ɗan Alhaji, su biyu su sa hannu shi ya zama shaida, ya kuma tunatar da su cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, don haka rubutu tsakanin Musulmi ba zargi ba ne. Ƙaramin ya ƙara da roƙon cewa ɗan Alhaji ne zai riƙe littafin aikin dare. Wannan dabara ce mai kyau, domin duk lambar da za ta fito a ƙarshe daga gidan Alhaji za ta fito, babu mai cewa an rage ta don a kashe maganar.

Abin da gwajin ya nuna

A cikin wata ukun tan 620 ne ya bi ta injin da dare, 150 nasu, 470 na wasu 'yan kasuwa da suka gaji da layin rana. A kan dubu 12 kowane tan, wannan ya kawo kusan miliyan bakwai da rabi, aka cire hayar miliyan uku, aka tsira da abin da ya haura miliyan huɗu. Sun kuma gano abubuwan da babu lissafin da zai nuna musu: cewa samun leburan da za su jure aikin dare cikin sanyin hunturu yana da wuya, cewa rariya tana toshewa da sauri idan riɗin bai bushe sosai ba, kuma cewa wasu masu kawo kaya suna son a yi musu aiki bashi sai sun sayar.

Sakamakon bai ba kowa cikakkiyar nasara ba. Alhaji ya yi gaskiya cewa akwai masu buƙata kuma akwai riba a gyaran riɗi, kuma siton da ya so ya tafi, wanda ya kama shi yana aiki a ciki. Ƙaramin ya yi gaskiya cewa ko an ƙara sauran watanni marasa ƙarfi, abin da za a samu a shekara ba zai wuce tan 900 ba, kimanin rabin abin da bashin miliyan 42 ke buƙata. Takardar oda kuma ba ta samu ba.

A zaman Afrilu, da littafin a tsakaninsu, babu wanda ya sake ambatar banki. Alhaji da kansa ne ya kawo sabon tayi, cewa mai injin da suka yi haya a wurinsa yana son ya sayar da rabin injin a kan miliyan 12 saboda yana buƙatar kuɗi, kuma abin da suka ware daga riba tare da ribar aikin dare ya kai miliyan tara. Ƙaramin ya amince da manufar nan take, amma ya ce akwai abu biyu da sai an warware: daga ina cikon miliyan uku zai fito ba tare da an taɓa jarin saye ba, da kuma yadda za a raba sa'o'in aiki da kuɗin gyara da mutum na uku wanda ba su taɓa haɗa dukiya da shi ba. Alhaji ya ce zai iya ba da cikon a matsayin ƙarin jarinsa, wanda zai ɗaga kasonsa a injin sama da kashi 60, ƙaramin kuma ya nemi a bar masa damar sayen wannan bambanci a cikin shekara biyu a kan farashin da aka saya. Sun tashi a kan cewa za a kira makaniki ya duba injin kafin a yi maganar farashi da mai shi, kuma ɗan Alhaji zai tattaro rasit ɗin duk gyaran da aka yi masa a cikin wata ukun da suka yi aiki da shi.